Shawarwarin 'yan kasuwar Katsina kan raba kaya gida uku

A hirar da masu shagunan kayan masarufi suka yi a Katsina, an tsaya a kan cewa a auna kowane kaya da kuɗin da yake ci a shekara. Ana ninka yawan abin da ya fita da kuɗin sarinsa, sai a jera daga babba zuwa ƙarami, a raba su rukuni uku: A, B da C.

Wani dattijo ya kawo misalin shago mai kaya iri 100 da ke juya naira miliyan 50 a shekara. Shinkafa, sukari, man girki, madara da 'yan'uwansu, iri 20 kacal, sukan ci kusan miliyan 40. Su ne rukunin A: a ƙirga su duk mako, makullin sito a hannun mutum ɗaya, kada buhu ya fita ba a rubuta ba. Rukunin B, masu cin matsakaicin kuɗi, a ƙirga duk wata, rukunin C, masu cin kuɗi kaɗan irin su ashana da allura, duk wata uku ya isa.

Wani matashi ya ce, "Baba, gishiri fa? Ba ya cin kuɗi, amma in ya yanke, mai saye sai ya koma maƙwabci." Ni ma na ga gaskiyarsa. An yarda irin wannan a ɗaga shi zuwa B, a kuma sake jerin gab da azumi, lokacin da cinikin sukari da gero ke tashi.