Yanke maganar mai ba da shaida ba tare da an sa masa magana a baki ba

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga tattaunawarmu kan yadda za a taƙaita maganar wanda ya ba da shaida a bidiyo idan za a buga ta a rubuce. Misalin da aka fi juyawa shi ne na wani manomin gero daga wajen Kware, wanda ya ce a bidiyo: "To, wallahi da fari ban yarda da irin ga ba, amma bana da damina ta yi kyau, dami 40 munka ɗaure inda munka saba samun 25."

1. Kowa ya amince a zubar da "to" da maimaici. Ba su ɗauke da ma'ana.

2. Nan aka daɗe. Idan aka cire "bana da damina ta yi kyau", sai ya zama irin ne kaɗai ya kawo ƙarin dami 15, alhali mutumin ya raba yabon tsakanin iri da ruwa. Ni ma wannan ya fi damuna, domin bawan Allah bai faɗi haka ba. "Amma", "bana" da "idan" ba a taɓa su.

3. Kada a haɗa jimlar minti na 2 da ta minti na 9 kamar tare ya faɗe su. Inda aka yanke, a sa ɗigo uku.

4. An rabu a kan Sakkwatanci. Wasu sun ce a mayar da "munka" zuwa "muka" saboda masu karatu na nesa. Mafi yawa sun ce a bar masa harshensa.

5. Kafin a buga, a sake sauraron wurin, sannan a kira shi a karanta masa. Idan ya ce "ba haka nake nufi ba", a koma yankan.