Rubutun talla biyu na gwada, na rasa wanda zan riƙe

Mai humra, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min. Humra da turaren wuta nake sarowa daga Injamena, yayata ce ta ba ni jarin bayan na bar ɗinki saboda ciwon baya, shi ya sa ko sefa ɗari ba na son ta salwanta. Na rubuta talla biyu a Facebook. Na farko da Hausa har da farashi, sefa 3,000 na sa masa ran Juma'a, mutum 2,400 suka gani, 48 suka danna. Na biyu da Faransanci ba farashi, na sa 2,000 ran Litinin, 1,500 suka gani, 45 suka danna. Wanne zan ci gaba da shi?

Mai gyaran waya, Marwa: Na biyu mana Hajiya. Uku cikin ɗari ya samu, na farko biyu. Ki ɓoye farashi kullum, dole su danna su tambaya.

Mai yi wa shaguna talla: Hajiya hoto ɗaya ne a duka biyun?

Mai humra: A'a, na biyun kwalba ce a hannun ƙanwata da lalle, ai ya fi kyau.

Mai yi wa shaguna talla: To ba ki gwada rubutu ba tukuna. Kin canja yare, farashi, hoto, rana da kuɗi lokaci guda, in na biyu ya ci ta ina za ki san ko lallen ne ya ja su? Ki shiga Gestionnaire de publicités, wato wajen sarrafa talla na Facebook, ki zaɓi Test A/B, shi zai raba mutane gida biyu, wanda ya ga wannan ba zai ga wancan ba. Hoto ɗaya, kuɗi daidai, duka da Hausa, layin farko kawai za ki bambanta, ɗaya da farashi ɗaya babu, don shi ake gani kafin Voir plus. Ki bari su yi kwana 7. Sannan 45 ɗin nan Clics sur un lien ne ko Clics (tous)? Clics (tous) har wanda ya taɓa hoto don ya kalli lalle yana ƙirgawa.

Wata daga Ngaundere: Ni dai na daina, wani yaro na ba 10,000 ya sa min talla da katinsa, har yau sai gobe sai jibi.

Mai humra: Malam kwana 7 sau biyu kuɗi ne fa, kuma Faransancin da gangan na sa saboda matan ma'aikata, su ke sayen babbar kwalba.

Mai yi wa shaguna talla: To mutum nawa suka miki magana a WhatsApp daga kowanne?

Mai humra: Ban raba ba, duk lamba ɗaya suke shigowa. Huɗu dai sun saya a satin.

Mai gyaran waya: Na biyun ne ya kawo su, ko tantama ba na yi.