Intanet ta ɗauke: kamfani ne ko rautarka? Me kuke dubawa kafin ku buga musu waya?

Baban Hanifa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon buga takardu da cike fom na intanet, rauta mai sim nake amfani da ita, kwamfuta uku ke kanta. Yau kwana huɗu ke nan tana min wani abu: ana cikin aiki sai ta yanke kamar minti biyu, sai ta dawo da kanta. Jiya wata yarinya ta zo tun daga Kalgo za a ɗora mata takardu, sau uku muna kaiwa ƙarshe yana tsinkewa, haka ta koma ba a gama ba. Abin ya tsaya min a rai. Na kira kamfani, na daɗe a layi, aka ce in kashe in kunna, wai su a wurinsu lafiya lau. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, ya kuka gane inda matsalar take?

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam. Baba, akwai ɗan rami a bayan rautar an rubuta `RESET`. Sa tsinke ka danna na daƙiƙa goma, za ta dawo sabuwa fil. Ni duk sanda tawa ta rikice haka nake yi.

Mai gyara, Gusau:
Ɗan Argungu, don Allah kada ya fara da wannan. Wannan ramin yana goge komai ne: sunan wayfai, kalmar sirri, wani lokaci har saitin APN da aka sa da hannu, wato wanda ke haɗa sim da intanet ɗin kamfani. In matsalar daga kamfani ce, ka ƙara wa kanka aiki ne kawai, mai ciwo ɗaya ya koma biyu. Cire wuta na rabin minti a mayar, wannan ba laifi. Amma tsinke sai an rasa yadda za a yi.

Malam Baban Hanifa, ga yadda nake yi in an kira ni. Hanyar intanet ɗinka gaɓa uku ce: daga kwamfuta zuwa rauta, daga rauta zuwa eriyar kamfani, daga eriya zuwa sauran duniya. Aikinka ka gano a wace gaɓa ta tsinke. A kwamfutar ka buɗe `cmd` ka rubuta `ipconfig`, ka nemi layin `Default Gateway`. Lambar da ke wurin ita ce adireshin rautarka, yawanci `192.168.0.1` ko `192.168.1.1` ko `192.168.8.1`. Sai ka gwada waɗannan bi da bi, ka sa taka lambar a na farko:

```
ping 192.168.0.1
ping 8.8.8.8
ping google.com
```

Na farko sallama ce ga rautar, ba ya fita daga shagonka, ko data ba ya ci. In bai amsa ba, babu ruwan kamfani, matsalar tana cikin ɗakinka. In ya amsa amma na biyu ya ce `Request timed out`, to kun gaisa da rauta lafiya, ita ce ba ta iya fita waje. Nan za a fara zargin sim, ko data, ko eriya. In na biyu ya amsa na uku ya ƙi, hanya a buɗe take, abin da ke fassara suna zuwa lamba ne ya tsaya, wato DNS, kuma sau da yawa sauya shi zuwa `8.8.8.8` a kwamfutar yana wadatarwa.

Tunda taka zuwa take tana tafiya, buɗe tagar `cmd` biyu. A ɗaya ka sa `ping 192.168.0.1 -t`, a ɗaya `ping 8.8.8.8 -t`, ka bar su suna gudu kana aikinka. Sanda ta yanke, duba wanne ya mutu. Ka kuma ɗaga kai ka kalli fitilun rautar a daidai lokacin.

Hajiyar Jega:
Ni ban iya wannan rubuce-rubucen ba, ɗana. Shagon kayan masarufi gare ni, rautar muna sayar da kati da tura kuɗi da ita. Abin da na iya guda ne: in ta tsaya, sai in aiki yaro wurin mai shayin da ke gabanmu, layinmu ɗaya da shi. In ya ce shi ma babu, sai in kwantar da hankalina in jira. Wata rana kuwa na yi ta masifa har na sa a kira mai gyara, ashe data ce ta ƙare, fitilu duk kore shar, sanduna cike. Tun daga ranar, `*323#` nake fara sa a danna min kafin komai.

Mai gyara, Gusau:
Hajiya, wallahi naki ya fi na wasu masu kwamfuta. Tambayar maƙwabci mai layi iri ɗaya ita ce gwaji mafi arha. Sai dai a tambaye shi ko shafi yana buɗewa, ba ko yana da sanduna ba. Sanduna suna nuna ƙarfin maganar da ke tsakaninka da eriya ne kawai, ba su san abin da ke bayan eriyar ba. Ku tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma. Mutane da yawa sandunansu cike, kira na shiga, amma intanet na jan ƙafa, har harkar banki ta taɓu. Ranar mutum biyu suka kawo min rauta wai ta lalace, kuma lafiyarsu ƙalau.

Abban Sadiq, Kaura Namoda:
Mu nan abin da ya koya mana shi ne Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro. Da farko wasu sun ɗauka wayoyinsu ne, ana ta cire sim ana gogewa da riga. Daga nan na riƙe abu guda: in fitilar sabis ta rauta ta yi ja, wayar aljihuna mai layi iri ɗaya ita ma ta nuna babu sabis, ba na taɓa komai. Ko yanzu a unguwarmu in an daɗe ba wuta, wani lokaci sabis kan ɗauke gaba ɗaya na sa'o'i, ana cewa man injin eriyar ne ya ƙare. Ni dai ban je na gani ba, amma duk unguwa ake rasawa tare a samu tare.

Ummu Aisha, Yauri:
Ni ma tawa matsalar data ce, ina sa ta wata ɗaya ko sati biyu ba ta kaiwa. Ko rautar ce ke shanyewa?

Hajiyar Jega:
Ummu Aisha, wannan wata maganar ce daban. Bincika yaran gidan da na maƙwabta, wataƙila lambar sirrin ta zaga unguwa.

Malama a Zuru:
Ni gwajin da na fi yarda da shi shi ne musaya. In kashe rautar, in zare sim ɗin in sa a wayata, in kashe wayfai in buɗe shafi. In ya yi aiki a waya, rauta ce. In bai yi ba, kamfani ne. Shi ke nan, minti uku.

Mai gyara, Gusau:
Malama, gwaji ne mai kyau, ni ma ina yi, amma "shi ke nan" ɗin ne ban yarda da shi ba. Wayarki in 4G ya faɗi za ta sauka 3G da kanta ta ci gaba da aiki a hankali. Rautar da aka saita a `4G only`, ko wadda 4G kaɗai ta iya, za ta tsaya cik. Sai ki ce rauta ce, alhali ɓangaren 4G na eriyar ne ya kwanta. Don haka in kin sa a waya, dubi saman allon, 4G ya rubuta ko H ko E? In H ko E ne, ta sauka daga 4G ke nan. Haka kuma in bai yi a waya ba, ba lallai a ce sabis ɗin gari ne ya faɗi ba. Yana iya zama sim ɗinki kaɗai, data ta ƙare ko an toshe layin kan maganar NIN. Nan ne tambayar maƙwabci irin ta Hajiya ke raba gardama.

Malama a Zuru:
Na karɓi gyara. Amma akwai wanda har yau ban gane ba. Tawa kullum daga bayan magariba zuwa wajen goma na dare ba ta motsi, da asuba kuma gudu take kamar me. Wani ya ce cunkoso ne, wani ya ce zafin da ta sha da rana ne, don kusa da kwano take.

Abban Sadiq, Kaura Namoda:
Da zafi ne ai da azahar za ta yi, ba da dare ba. Ni cunkoso nake gani.

Malama a Zuru:
Haka na zata, sai dai wayar mijina layi ɗaya ne, a lokacin tana buɗe bidiyo ba laifi. Zan sauke ta daga saman kabad in gani.

Baban Hanifa, Birnin Kebbi:
Jama'a na dawo. Tun ƙarfe tara na safe na buɗe tagogin nan biyu. Na farko yana ta amsawa `time=2ms`, na biyu yana yawo tsakanin 60 da 90. Wajen sha ɗaya saura na fara ɗora hotunan wani ɗalibi, sai duka biyun suka mutu lokaci guda. Na ɗaga kai, fitilun rautar duk sun ɗauke sai ta wuta kaɗai, sannan suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya kamar yanzu aka kunna ta. Ban taɓa lura ba, don a saman kantar shago take bayan firinta. Na sake gwadawa sau biyu, duk sanda aka ɗora abu mai nauyi sai ta yi haka.

Mai gyara, Gusau:
Alhamdu lillahi, ka kama ta. Matsalar kamfani ba za ta hana rauta amsa sallamarka ba, balle ta kashe mata fitilu. Kashe kanta take tana kunnawa. Juya cikinta ka karanta takardar da ke liƙe, sannan ka karanta abin da aka rubuta a jikin adaftar da ke bango, layin `Output`. Faɗa min duka biyun.

Baban Hanifa, Birnin Kebbi:
A rautar `12V 1A`. A adaftar `12V 0.5A`. Yanzu na tuna, ta asalin ta ƙone makon jiya da aka kawo wuta da ƙarfi, yarona ya sayo wannan a kasuwa, bakinta ya shiga daidai muka ce an dace.

Mai gyara, Gusau:
To ita ce. Tana zaune ba aiki, rabin amfiya ya ishe ta. Da ta fara tura kaya zuwa eriya sai ta nemi ƙarin wuta, adafta ta gaza, sai ta faɗi ta tashi. Nemi mai `12V` daidai, kada ka canza wannan ko kaɗan, amfiya kuma 1 ko sama, 1.5 ko 2 ba ya cutarwa, abin da take buƙata kawai za ta ja. Ka duba ɗan zanen da ke nuna tsakiyar bakin `+` ne, ya dace da na jikin rautar. In ka sauya ta ci gaba da mutuwa, to wutar da ta ƙona adaftar farko ta taɓa cikinta. In kuma wata rana na farko yana amsawa na biyu ya mutu, sannan ka kira 300, layin kamfani, ka ce musu ka gwada sim ɗin a waya, ka faɗi unguwarku da lokacin da ya fara, ka nemi lambar ƙorafi ka rubuta.

Baban Hanifa, Birnin Kebbi:
Na aro mai `12V 1.5A` wurin maƙwabcina. Awa biyu ke nan tagogin na gudu ba yankewa, na ɗora fayil shida. Zan bar su har mu tashi da yamma kafin in sayi sabuwa. Yarinyar Kalgo na aika mata ta dawo gobe da safe.