Labari ko lambobi: da me ake buɗe gabatarwar talla?

Nura: Jama'a ku raba mu. An ba ni minti 20 ranar Alhamis in gabatar wa wani kamfanin rarraba kayan gyaran injuna manhajarmu ta lissafin kayan sito. Ogana ya ce in gina komai a kan labarin matsalarsu. Ni kuwa na ce ba da labari a gaban manyan kamfani ɓata lokaci ne, lambobi da aikin manhaja suke son gani. Wa ke da gaskiya?

Malam Kabiru: Kai ke da gaskiya. Ni a ɗaya gefen teburin nake zama, sashen sayayya, shekara tara ke nan. Da mai talla ya fara da "ku yi tunanin wata safiya" sai in ji kamar zai ce gatanan gatananku. Takardar ba da maki ce a gabana: farashi, lokacin kafawa, horar da ma'aikata, wa za a kira idan abu ya tsaya. Babu gurbin labari a cikinta.

Ummi: Ni dai ina ganin labari na aiki. Ka faɗa musu yadda aka kafa kamfaninku, wahalar da masu shi suka sha kafin su kai inda suke. Mutane na son jin irin wannan, yana sa a yarda da kai.

Hajiya Rabi: Ummi, wannan shi ne ainihin labarin da ke sa irin su Malam Kabiru duba agogo. Ba tarihin mai sayarwa ake nufi ba. Nura, kafin in ce komai, shafi nawa ka shirya, kuma me ke kan biyar na farko?

Nura: Shafi 16, Hajiya. Na farko sunanmu, na biyu tarihinmu, na uku kamfanonin da muke wa aiki, na huɗu da na biyar jerin abubuwan da manhajar ke yi.

Hajiya Rabi: To ka gani. Kusan minti shida sun tafi, ba a ambaci sitonsu ko sau ɗaya ba. Ka taɓa zama da wani a cikinsu? Me ya ce yana damunsu, da bakinsa?

Nura: Na yi waya da manajan sito sau biyu. Ya ce sito biyu gare su, oda kamar 200 suke karɓa a mako. A ciki, kusan 15 sai an karɓa an yi alkawari, sannan a je a tarar kayan babu, a sake kiran kwastoma ana ba shi haƙuri. Sannan duk ƙarshen wata suna rufe sito kwana biyu, mutum huɗu na ƙirga kaya da hannu.

Hajiya Rabi: Ashe labarin na aljihunka, kana neman jefar da shi. Kuma ka lura, duk lambobi ne a ciki, sai dai nasu ne ba naka ba. Shi ya sa tun farko ban ga abin rabawa tsakaninka da oganka ba.

Da ni ce, ga yadda zan yi. Shafin farko oda ɗaya tak, a bi ta daga farko har ƙarshe. Kwastoma ya kira yana neman famfon mai na wani inji. Mai karɓar oda ya duba takardar lissafi, ta nuna saura uku, ya ce akwai, gobe za a kawo. Washegari aka shiga sito, babu ko ɗaya, domin an kwashe biyu zuwa ɗaya siton tun makon jiya ba a rubuta ba, na ukun kuma an sayar da shi da safe. Minti ɗaya da rabi ya isa wannan. Daga nan ka yi shiru, ka tambaye su: haka abin yake faruwa, ko na kuskure wani wuri? Idan suka gyara maka, ka ji daɗi, don sun shigo cikin maganar ke nan.

Shafi na biyu ka ninka. Sha biyar a mako, sittin ke nan a wata. Kwana biyu a wata, kwana 24 a shekara sito a kulle. Kada ka sa musu kuɗin asarar da kanka. Ka bar gurbin fanko, ka tambayi akantansu nawa kowace oda da ta suɓuce take ci. Adadin da ya fito daga bakinsa ba zai dawo ya musa shi ba, amma wanda ka ƙiyasta, sauran mintunanka a kan kare shi za su ƙare.

Na uku shi ne inda suke son kaiwa. Sai bayan nan manhaja ta fito, kuma ba duka za ka nuna ba. Ka koma kan odar nan ta famfo, ka sake bin ta, amma yanzu a cikin manhajar: ga inda fitar da kayan zuwa ɗaya siton ta bayyana nan take, ga abin da mai waya zai gani a allonsa kafin ya yi alkawari. Duk abin da manhajarku ke yi wanda bai taɓa wannan odar ko ƙidayar ƙarshen wata ba, ka mayar da shi shafukan baya, sai an tambaya.

Sadiq: Wannan ai salon Steve Jobs ne. A 2001 da ya fito da iPod, abin da mutane suka riƙe shi ne waƙa 1,000 a aljihunka, ba gigabayit 5 ba. A 2007 kuma kafin ya nuna iPhone sai da ya fara nuna wayoyin lokacin da madannansu na roba da ba sa canzawa. Nura, kalli bidiyon ka kwaikwaya kawai, an gama.

Hajiya Rabi: Rabin maganarka na karɓa, Sadiq. Waƙa dubu sakamako ne, gigabayit siffar kaya ce, wannan haka yake. Amma shi yana kan dandamali ne gaban taron jama'a, ba wanda zai katse shi, kuma ba wanda ke cikin ɗakin da alhakin matsalar ke wuyansa. Nura mutum huɗu ko biyar zai tarar, kowa ya fi shi sanin siton. Idan misali daga fagen nake so, na fi karkata ga littafin wani mai binciken harkar ciniki, Neil Rackham, da ya fito a 1988, wanda aka gina a kan nazarin ganawar ciniki kusan 35,000. Abin da ya nuna shi ne, a babban ciniki jera siffofin kaya bai cika motsa mai saye ba. Masu nasara sun fi yin tambayoyin da ke sa mai saye ya faɗi da kansa abin da matsalar ke jawo masa da abin da zai samu idan ta kau.

Bala: Ku bari in faɗi nawa, don kada Nura ya faɗa ramin da na faɗa. Na taɓa yin daidai abin da Hajiya ta zayyana, a wani kamfani da ba zan ambata ba. Shugaban sashen gyara ne ya buɗe mini cikinsa a kan yadda ayyuka ke makalewa. Na ɗauka na tsara labari mai kyau, na karanta shi gaban shugabar kamfanin, shi yana zaune. Ashe ita ba ta san abin ya kai haka ba. Ta juya ta kalle shi. Wallahi daga wannan lokacin mutumin da ya shigo da ni ya koma shi ne ke neman aibin kayanmu, tambaya bayan tambaya. Ba a sake kirana ba. Don haka ni yanzu tsoron labari nake.

Hajiya Rabi: Allah sarki Bala, wannan ta taɓa cin kusan kowa. Labarin bai yi laifi ba, wanda ya zama mugu a cikinsa shi ne matsalar. Idan mai sauraro ya gama ji ya ga mutum ne ya gaza, ka yi asarar mutumin. Laifin a ɗora shi kan tsari: takardar da ba ta san abin da ya faru a ɗaya siton ba. Kuma Nura, ka kira manajan nan kafin Alhamis, ka karanta masa shafin farko, ka tambaye shi ko shugabansa ya san da maganar sha biyar ɗin nan, da kuma ko ya yarda a faɗa. In ya ce a'a, ka cire adadin, ka mayar da shi tambaya a ɗakin. In ma ya yarda ya ba da labarin da kansa, ya fi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Nura: Shafi na uku ne ya tsaya mini. Na rubuta "ingantaccen sarrafa kaya da ƙarin riba".

Hajiya Rabi: Goge shi. Kowane mai talla zai iya rubuta wannan ga kowane kamfani. Me manajan ya ce yana so?

Nura: Cewa ya yi, shi dai wanda ya ɗaga waya ya iya cewa akwai ko babu kafin ya ajiye ta.

Hajiya Rabi: Ita za ka rubuta, yadda ya faɗe ta. Amma burinsa ne shi kaɗai. Akanta wataƙila abin da yake so shi ne lissafin kaya ya daidaita da na kuɗi ba tare da an rufe sito ba. Shugaba kuma wataƙila wasu manyan kwastomomi yake gudun su gudu. Waɗannan hasashena ne, kai ma kada ka ɗauke su tabbas, ka tambaya. Alamar da za ka gane ko ka dace ita ce tambayoyin da za su biyo baya. Idan suka fara cewa "to idan direba ya dawo da kaya fa, a ina zai shiga?" sun soma ganin kansu a ciki. Idan kuwa tambayar farko farashi ce, ba wanda ya ce komai a kan odar, to labarin bai taɓa su ba.

Malam Kabiru: Hajiya, na ji, kuma na yarda wannan ba tatsuniyar da nake nufi ba ce. Amma ban sauka daga kan batuna ba. Tambayar farashi da wuri ba kullum take nufin an faɗi ba, wani lokaci aikin mutum ne ya yi ta. Sannan idan kamfani ya riga ya fitar da takardar sharuɗɗa ya gayyaci masu sayarwa uku, an wuce matakin gano matsala. Wanda ya zo yana sake ba mu labarin abin da mu muka rubuta, ya ci lokacinsa ne a banza. Ka bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, a jeren da muka ba ka.

Abu na biyu, alkawarin sakamako. Kuna son cewa sha biyar za ta koma sifili. Manhaja ba ta rubuta abin da ma'aikaci bai shigar ba. Idan yaran sito ba su shigar da fitar kaya ba, allon ma ƙarya zai nuna kamar takardar. Mai tallan da ya faɗi mini wannan da kansa, na fi ba shi maki a kan mai daɗin baki.

Hajiya Rabi: Na biyun na sa hannu, Malam. Nura, ka ba shi shafi guda: me ake bukata daga gare su, wa zai riƙa shigar da kaya, makonni nawa kafin a daina ƙirgar hannu, kuma ka faɗi abin da ka gani a wurin wasu ne kawai, ba abin da kake fata ba. A na farkon ne muka rabu. Ko a jeren sharuɗɗa, ina iya ɗaukar oda ɗaya in ratsa da ita ta cikinsu.

Malam Kabiru: Ki gwada a gaban kwamitinmu, mai riƙe da agogo zai tsayar da ke a sharaɗi na uku.

Nura: Malam, ai ban ma sani ba ko mu kaɗai aka kira ko akwai wasu.

Malam Kabiru: To ita za ka fara tambayar manajan idan ka kira shi. Ka kuma tambaye shi su wa za su zauna, kuma wa ke sa hannu.