Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne: har a cikin imel?

Ɗan Mabera: Jama'a a raba mu gardama. Baffanmu ya rasu a Gwadabawa, ƙanena ya tura wa shugabarsu imel da Turanci yana neman izinin kwana uku. Ya buɗe da "May your life be long, Ma", ya jero gaisuwa, ya rufe da "I am on my knees". Amsarta layi ɗaya: daga wace rana zuwa wace rana? Na ce ya zubar da kansa, ya ce mini durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Tun jiya ba mu jituwa. Nan ne muhallin wannan karin maganar?

Maman Ihsan: Allah ya jiƙan baffa, ya ba ku haƙuri. Amma shi ƙanen naka wa yake kira wada? Matar da ke sa hannu a albashinsa? In gajera ce ma ai halittar Allah ce, bai kamata ba.

Bagobiri Na Sabon Birni: Hajiya, ba tsawonta aka nufa ba. Ni dai tambayata guda, Bayaraba ce? In ita ce, a turo min lambarta in ba ta umarni, baiwata ce tun kaka da kakanni.

Ɗan Mabera: Ita ce kuwa, kuma dakta ce ta karatu. A shekaru ƙanena ya girme ta, shi ya sa yake ganin ya yi mata alfarma da ya rusuna.

Abdul UDUS: To nan matsalar take. Turanci ba shi da ladabi, kowa "you" ne, sarki da talaka. Abin da ya kamata ya rubuta "Hi", ya faɗi buƙatarsa, shi ke nan. Kuma doka ta ba ma'aikaci kwana 12 a shekara, haƙƙinsa ne, me ya kawo roƙo?

Baba Akawu: Abdul, ka kamo wani abu, ka saki wani. Kwana 12 da ka ji a dokar ƙwadago na rashin lafiya ne, kuma sai da takardar likita. Ba na zaman makoki ba ne. Hutun rasuwa ya danganta da ƙa'idar wurin aikin, ko kuma a cire daga hutun shekara. Saboda haka neman izini ne na gaske, ba sanarwa ba.

Cewa kuma Turanci ba ladabi, wannan ba haka ba ne. Nasu ladabin ba a addu'a yake zaune ba. Wuri uku ake nemansa: ka kira mutum da muƙaminsa daidai, ka sa buƙatarka cikin sigar tambaya, kuma kada ka ci masa lokaci. Na yi shekaru ina karɓar irin waɗannan takardu a rajista kafin in yi ritaya, kuma wadda ke kwana a tire ita ce wadda sai an kai sakin layi na uku kafin a san abin da mai ita ke so. Da ni ne yaron, ga abin da zan tura:

```
Subject: Request for leave, 14-16 May

Dear Dr Wance,
My uncle, who raised me, died last night.
May I please be away from Tuesday 14 to Thursday 16 May?
I will be back on Friday 17. Musa has agreed to cover my desk.
Thank you for your understanding.
Yours sincerely,
```

"Ranki ya daɗe" ɗinsa bai ɓata ba, ya shige cikin "Dr" ɗin nan da "May I please". Matar ta sha wuya kafin ta samu wannan digirin, ka ambace shi ka gama girmama ta. Ka fassara mata addu'ar kalma da kalma kuwa, sai ta ɗauka ko zolaya ce, ko kana shirin roƙon abin da ya fi hutu.

Ɗan Mabera: Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai ma wani abin da ban faɗa ba. "My father" ya rubuta.

Baba Akawu: Subhanallahi. Wannan ya fi durƙuson haɗari. A gida gaskiya ya faɗa, ƙanen uba uba ne, kuma abin kunya ne ka tsaya bambancewa a gaban mutane. Amma ofis da fayil yake aiki. In mahaifinku ya riga ya rasu kuma an ba shi hutu a kai, wanda ya buɗe fayil zai ga uba ya mutu sau biyu. In yana raye kuma, ranar da Allah ya yi nasa ikon za a ce ai an yi wannan. Na ga an ba mutum takardar tuhuma a kan haka, alhali bai yi niyyar ƙarya ba. Shi ya sa na sa "who raised me", don ta gane nauyin rasuwar ba tare da an canja dangantaka ba. In ba shi ya rene shi ba, a cire.

Bagobiri Na Sabon Birni: Uba ya mutu sau biyu ai da sauƙi. Mu muna da wanda ya ƙaddamar da rijiyar burtsatse guda sau uku. Shi ne ma gwanin wannan karin maganar: lokacin zaɓe har ƙasa yake kaiwa gaban tsofaffin ƙauye, da an rantsar da shi ya miƙe da tsawonsa, har yau bai sake duƙowa ba.

Inno 'Yar Wurno: Kun tuna min da kakata, Allah shi jiƙanta. Kakanmu masinja ne a ofishin En'e. Wata damina kurkunu ya kama shi a ƙafa, ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa. Babu ɗa namiji babba a gidan, sai ita ta ɗauki mayafi ta shigo Sakkwato wurin masu rubuta wasiƙa da ke zama bakin gidan waya. Mai rubutun ya gyara zama, ya cika rabin takarda da gaisuwa da kirari ga babban akawu, sannan ya ɗago ya ce, Inna, mi as sunan mai ciwon?

Ta ce, "Ka rubuta mai gidanmu."

Ya ce ofis ba su san mai gidanku ba. Ta ce, "To ka sa baban Ige." Ige kuwa laƙabi ne, don ita ce 'yar fari, ita ma ba ta faɗin sunanta na yanka. Mutumin ya yi juyin duniya. Ta ce, "Ni ban hwaɗi sunanai ba ran da anka kai ni ɗakinai, ba ni hwaɗinai yau don sisin kwabo." Har ya jero mata sunaye, wai in ya faɗo daidai ta gyaɗa kai. Ta ce gyaɗa kai ma faɗi ne.

Haka aka rubuta takardar, gaisuwa cike, ba sunan mai ita. Ta kai da kanta. Ta durƙusa a bakin ƙofar akawu, yaro ne sa'an ƙanenta, ta miƙa. Ya karanta, ya juya bayan takardar, ya ce wane ne ba lafiya? Ta yi shiru. Ya ce ta tashi, ta ƙi. Tun hantsi tana nan har aka yi kiran azahar, duk mai shiga sai ya ratse ta. Daga ƙarshe wani dogari da ya san gidanmu ya leƙo ya ce, af, ai matar wane ce. Akawu ya sa sunan da hannunsa a saman takarda, kuma ba a yanke wa kakanmu ko anini ba.

Har ta tsufa in an kawo wannan karin maganar sai ta yi dariya ta ce, "Ni ban gaji ba, wadan ne yag gaji."

Maman Ihsan: Allahu akbar, matan da ke nan. Yanzu kuwa sunan miji ake kira daga kicin kamar ɗan aike.

Abdul UDUS: Amma Inno, labarin nan ai ni ya goya wa baya. Ba don dogarin ba da albashi ya tafi. Kunya ta kusa jawo asara.

Inno 'Yar Wurno: Kai dai ɗan boko. Ni abin da na gani, ta sami abin da ta je nema kuma ba ta ba da nata ba.

Malam Na Kanwuri: Ku duka kun bar rabin maganar. Cikonta shi ne in ka tashi ka tashi da tsawonka. Ana faɗinta ga babba da larura ta kai shi wurin na ƙasa da shi, don a sanyaya masa rai. Ma'aikaci gaban shugabarsa ba wannan ba ne, ita ce sama a wurin, ko da ya girme ta da shekara ashirin. Wanda ke kiran shugabansa wada a zuci, to ladabin nasa na baki ne. Sannan wa ya ce doguwar gaisuwa ce gadonmu a rubuce? Wasiƙun da sarakuna ke aiko wa Wazirin Sakkwato kafin zuwan Turawa a 1903 da yawansu 'yan layuka ne: daga wane zuwa wane, gaisuwa da girmamawa, bayan haka, sai magana.

Baba Akawu: Allah shi gafarta Malam, haka ne. Mu kuma a ofis Turawa suka bar mana tasu, wai "your obedient servant", mun daɗe muna bugawa bayan su sun daina.

Sai dai kada yara su ɗauka na ce a zubar da namu gaba ɗaya. A duba wa ake rubuta wa. In shugaban ɗan gida ne, "Dear Alhaji Bello" ko "Dear Hajiya" daidai ne, ka sa sallama a sama ma ba laifi. In mai sarauta ne, da sarautar za ka kira shi, don kama sunansa tsirara rashin kunya ne ko da wane harshe. Na sha ganin an bar "Ranka ya daɗe" da Hausarta a farkon imel, sauran da Turanci, kuma ta zauna daram, domin mai karantawa ya san nauyinta. Fassara ta ce ke kashe ta. Wani kuskuren kuma shi ne "Dear Sir Bello". "Sir" na ofis shi kaɗai yake tsayawa. In ka haɗa shi da suna ka ba mutum lambar girma irin ta Sardauna, wadda Sarauniyar Ingila ta ba shi.

Maman Ihsan: To "in sha Allah" fa, Baba? Ni ba zan iya cewa zan dawo Juma'a in yi shiru ba.

Baba Akawu: Ki sa, Hajiya, amma bayan kin rubuta ranar ƙarara. Ita kaɗai ba rana, wanda ba Musulmi ba yana iya ɗauka kina nufin wataƙila.

Bagobiri Na Sabon Birni: Laifin su wane ne, su suka lalata ta. Tun da aka ce mana in sha Allah za a yi hanyar garinmu, yaron da aka haifa ranar yanzu yana da mata.

Malam Na Kanwuri: Bagobiri, ka kiyayi harshenka a kan kalmar Allah.

Ɗan Mabera: Ta dai ba shi kwana ukun, har ta ce a yi mana ta'aziyya. Yanzu yana cewa durƙuson ne ya yi aiki, ni kuma na ce sai da ya sake turo ranakun.

Inno 'Yar Wurno: Ku bar gardama kuna cikin makoki. Gobe ne addu'ar uku? A wace unguwa gidan yake a Gwadabawa, mai gidanmu yana da hanya can.

Abdul UDUS: Inno, wane ne mai gidanku? Sunansa za ki faɗa mana.

Inno 'Yar Wurno: Ka tambayi dogari.