Ribes da maj: a wane lokaci ne ainihi tarihin komit ke canzawa?

Nuraddin:
Assalamu alaikum 'yan guruf. Don Allah a duba min ko fahimtata daidai ce. Yadda na ɗauka, `git merge` yana haɗa rassa biyu ba ya taɓa tarihi, shi kuma `git rebase` ɗaga komit ɗinka kawai yake ya ɗora su a saman main, kuma tarihi ba ya canzawa sai ranar da ka tura da `--force`. Wata huɗu kenan da na fara aikin nan, shugaban tim ɗinmu tun ranar farko ya ce ba ya son tarihi mai karkace-karkace, ni kuma bana son a ga kamar ban iya ba shi ya sa ban tambaye shi ba. Ina da komit 3 a reshen `rajista`, main ya wuce ni da komit 4, na yi ribes na gyara cin karo a fayil ɗaya, sai `git status` ya ce min:

```
Your branch and 'origin/rajista' have diverged,
and have 7 and 3 different commits each, respectively.
```

Turawa ta ƙi, na yi `git pull`, yanzu kowane komit nawa sau biyu yake fitowa. Ban yi fos ba to me ya canza? Gobe za a duba aikin wallahi hankalina a tashe yake.

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam. Rabin farko ka yi daidai, rabi na biyu ne ya kai ka ƙasa. Ribes ba ya ɗaga komit, ba abin da yake ɗagawa, sababbi yake ƙerawa. Lambar nan mai tsawo da kake gani a gaban kowane komit, hash, ana lissafa ta ne daga abin da ke cikin komit ɗin, wato yadda fayilolin suke, da saƙon da ka rubuta, da sunanka da lokaci, da kuma lambar komit ɗin da ya haife shi. To da ka ce a ɗora na farkonka a kan sabon main uba ya canza, dole lamba ta canza. Na biyu ubansa shi ne na farko, shi ma ya canza, na uku ma haka. Kenan tarihi ya canza tun a kan laftof ɗinka a daidai lokacin da ribes ya gama, tun kafin ka je kusa da saba, wato inda kake tura aikin. Fos ba shi ne canjin ba, shi dai tilasta wa saba yake ta yar da nata ta karɓi naka.

Duba lissafin da ya ba ka ma. Bakwai ɗin nan komit 4 na main ne da sababbi 3 naka. Ukun kuma tsofaffin naka ne da ka riga ka tura tun da, suna nan zaune a saba. Git bai ɗauke su abu ɗaya ba tunda lambobinsu daban, shi ya sa da ka yi `git pull` ya haɗa maka duka shidan ya ɗaure da komit na maj. Tambaya biyu: ka tura bayan ful ɗin? Kuma kai kaɗai ne a reshen?

Nuraddin:
Ban tura ba Injiniya, da na ga sun ninku na tsorata. Amma fa ba da kaina na yi ful ba, saƙon da ya fito da turawa ta ƙi shi ne ya ambaci `git pull`. Da farko ma ful ɗin ƙi ya yi ya ce in zaɓi yadda za a sasanta, na kwafi layin farko `git config pull.rebase false` na saka sannan ya tafi.

Sadiya:
Layin nan da ka kwafa ma'anarsa ful ya riƙa yin maj, shi ne dalilin ninkin. Kuma saƙon bai san ribes ka yi ba, shi a ganinsa wani ne ya riga ka turawa.

Auwalu:
Ni dai shawarata ka goge folda ɗin gaba ɗaya ka sake `git clone` ka huta. Haka nake yi duk sanda ya rikice min.

Injiniya Bashir:
Malam Auwalu in yana da aikin da bai tura ba fa? Duk ya tafi da folda ɗin, har da `git reflog`, jerin komit ɗin da ya taɓa tsayawa a kai, wanda shi ne abin da zai cece shi. Kada ka goge komai Nuraddin. Kuma ba ka amsa min ta biyu ba.

Nuraddin:
Reshena ne ni na buɗe shi. Akwai dai wani abokin aikina da na ce ya taimaka min da gefen tantance imel, ya ja reshen shekaranjiya. Yanzu da na duba log ɗin da kyau na ga komit 2 da sunansa a ciki, ban san ya tura ba. Sannan bayan ful ɗin na ƙara komit ɗaya ƙarami na gyaran rubutu.

Injiniya Bashir:
To ka ga abin da ya kamata ka fara faɗa kenan. Ba reshenka ba ne kuma, naku ne. Biyun nasa a kan tsofaffin ukunka suke tsaye, in ka tumɓuke su ka tumɓuke ƙasan da ya yi gini a kai. Alhamdulillahi da ba ka tura ba, saba tana nan lafiya ƙalau, ɓarnar duk a wurinka take. Ka tabbata `git status` bai nuna wani gyara da ba ka yi wa komit ba, domin `--hard` zai share shi, sannan:

```
git branch ajiya
git fetch
git reset --hard origin/rajista
git merge origin/main
git cherry-pick ajiya
git push
```

Layin farko ya riƙe maka rikitaccen tarihin in an buƙace shi. Sai ka koma daidai inda saba take, ukunka na asali da biyun abokinka, ka jawo main ta hanyar maj. Cin karon nan zai dawo amma sau ɗaya za ka gyara shi, ka yi `git add` da `git commit` ka kammala maj ɗin kafin ka wuce layi na gaba. Sai ka tsinko gyaran rubutun naka tunda shi ne a saman `ajiya`. Turawa za ta wuce ba tare da fos ba saboda ƙari ka yi a kan abin da ke can, ba ka musanya komai ba. Ƙa'idata ba ta canzawa: abin da ya riga ya je saba ba a yi masa ribes, shi kenan.

Sadiya:
Yaya Bashir gyaran da ka bayar zai yi aiki, amma ƙa'idar ta yi tsauri. Kullum ina ribes a kan reshen da na tura matuƙar ni kaɗai ce a kai, in tura da `--force-with-lease`, ba abin da ya taɓa ɓata. Magana ba ta turawa ba ce, magana ita ce ko wani ya ɗora aiki a kai. Kuma ko a nan ɗin in shugabansa miƙaƙƙen tarihi yake so, zai iya komawa `origin/rajista` kamar yadda ka ce sannan ya yi ribes na duka biyar ɗin tare, ya gaya wa abokin nasa kada ya taɓa komai, in an tura shi ma ya yi `git fetch` ya daidaita nasa da na saba. Mutum biyu ne fa ba ashirin ba.

Nuraddin:
Yawwa Anti Sadiya wannan nake so in ji. Ni dama ribes ɗin da na yi ba laifi ba ne, abin da aka ce mu yi ne. To ba zan iya duba reflog in koma daidai inda ribes ɗina ya ƙare ba, in tura da `--force-with-lease` ɗin? Tunda shi yana da kariya ai, kuma ba sai na sake gyara cin karo ba.

Sadiya:
A'a a'a ba haka na ce ba. Ribes ɗinka na farko babu komit biyun abokinka a ciki, ka tura shi sun fita daga reshen da ke saba. Kuma kariyar ba za ta tsayar da kai ba a nan, domin abin da take dubawa shi ne ko saba ta wuce inda `origin/rajista` na laftof ɗinka yake, kai kuma ful ɗin da ka yi ya riga ya sabunta shi. A wurin git ka riga ka ga aikinsa ka yarda a danne.

Hamisu:
Wallahi irin wannan aka yi min a inda na taɓa aiki. Aikin kwana biyu, na tura da yamma, da safe na zo babu shi, wani ya danne da fos yana cewa gyara tarihi yake. Allah Ya sa yana kan laftof ɗina na dawo da shi, amma abin da ya ƙona min rai a mitin ni aka ce ban tura da wuri ba, shi ko sannu bai ce min ba. Tun daga ranar ni maj kawai. Maj kullum sabon komit yake ƙarawa kowa ya ga abin da ya faru da ranar da ya faru.

Injiniya Bashir:
Allah Ya kyauta Malam Hamisu, amma ba kullum ba. In reshen da kake kai bai motsa ba tun da aka rabu, git matsar da shi gaba kawai yake, za ka ga ya rubuta `Fast-forward`, babu komit na maj sai in ka sa `--no-ff`. Abin da maj ba ya yi shi ne canza lambar komit da ke nan. Kuma Nuraddin kada ka ɗauka ribes kaɗai ke canza tarihi, gwada `git commit --amend --no-edit` a wani rifo na gwaji, ba ka taɓa ko harafi ba amma lambar za ta canza saboda lokacin komit ɗin ya canza.

Hamisu:
To `git pull --rebase` fa? Mu an ce mana shi ba shi da haɗari, ni dai ban yarda ba.

Sadiya:
Shi ma sababbin komit yake ƙerawa, amma a yanayi na yau da kullum waɗanda ba ka tura ba ne kaɗai, babu wanda ya san tsohuwar lambarsu balle ya yi gini a kai. Nuraddin wata tambaya, ta yaya ake shigar da reshe cikin main a wurinku? In `Squash and merge` ake dannawa duk abin da ke reshen komit ɗaya zai koma a main, komit na maj da kake gudu ba zai ma fito a can ba, ka bi hanyar Yaya Bashir hankali kwance.

Nuraddin:
Ban sani ba gaskiya, shugaban ne yake shigarwa ni ban taɓa lura ba. Na yi `git branch ajiya` dai. Amma har yanzu ina ganin in ya buɗe ya ga maj a cikin reshen zai ce ban ji maganarsa ba. Na kira abokin nawa sau biyu bai ɗauka ba, in bai amsa ba zuwa dare ban san ko yana da wani abu da bai tura ba.

Injiniya Bashir:
In maj ka yi ba ka buƙatar ya ɗauki waya. Ka yi abin da na rubuta maka.

Nuraddin:
Na ji Injiniya, bari dai in ƙara jiransa zuwa ƙarfe 9.