Neman kalmar Hausa: dabarar haɗa lambar farko da ta ƙarshe

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a, suna nake nema wa dabarar nan ta tara 1 zuwa 100 ba sai an bi su ɗai-ɗai ba, wadda ake ba da labarin masanin lissafi Gauss ya yi tun yana yaro ɗan makaranta. Ka ɗauki 1 ka haɗa da 100 ka samu 101, 2 da 99 ma 101, haka za kai ta matsowa har ka iso kan 50 da 51, kashi 50 kenan kowanne 101, jimla 5050. Turawa feyarin suke ce mata, ni kuma "aurarwa" ce ta zo min a rai, ya kuka gani?

Ɗalibi: Malam ni fa 4950 na samu, kuma sau biyu na duba

Malamar lissafi: Daga sifili ka fara ɗana, 0 zuwa 99 su ma lambobi ɗari ne, 99 sau 50 shi ya ba ka 4950, lissafinka daidai ne jerin ne ya bambanta. Maganar aurarwa kuwa ta yi daɗi amma a gwada 1 zuwa 9 mana. 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, kashi huɗu na goma-goma 40, sai ga 5 a tsakiya ba abokin aure, yara da yawa nan suke mantawa da shi su rubuta 40 alhali 45 ne.

Wani ɗan uwa: To a ce "ninkewa" kawai, ai jerin ake ninkewa biyu bakin nan ya taɓa wancan, kuma kowane jeri ka ninke zai yi

Malamar lissafi: Ninkewa za ta rikice da ninkawa ta sau, ɗalibi zai ɗauka sau biyu ake nufi. Kuma ba kowane jeri ba ne, gwada 1, 2, 4, 8, bakin biyu 9, na ciki 6, ka ga ta ƙi. Sai tazarar ta zama iri ɗaya, don abin da ka ƙara a hagu shi ka rage a dama. Ni "kai da ƙafa" nake cewa, ka rubuta 1 zuwa 9, a ƙarƙashinsa ka sake rubuta shi a juye 9 zuwa 1, kowace lamba ta samu abokiya har 5 ɗin ma ya haɗu da 5, goma sau tara 90, ka raba biyu tunda jeri biyu ka tara, 45. Daga nan n(n+1)/2 ta fito, wato jimlar 1 zuwa kowace lamba n.

Mai tambaya: Malama kai da ƙafa ta zauna min ga mai jeri biyu, amma mai jeri ɗaya fa, in bar mata aurarwa ko duka a kira su suna ɗaya?

Wani ɗan uwa: Ni dai a raba su, 101 sau 50 daban, 101 sau 100 a raba biyu daban, ko da amsar ɗaya ce